Yadda Za Ka Gwada Dabarar Kasuwanci da Ƙaramin Samfuri Kafin Ka Zuba Jari

Duk zangon da aka koyar da darasin kafa kasuwanci, tambaya ɗaya ce ke yawan dawo mini daga ɗalibai. Malam ya rubuta MVP a allo, ya ce kowa ya je ya yi nasa ya kawo rahoto, to ta ina za a fara? Wasu sun ɗauka ana nufin ƙaramar manhaja, wasu kuma sun ɗauka kaya ne marar inganci da za a sayar da araha. Duk ba haka ba ne. A tsarin da Eric Ries, marubucin littafin The Lean Startup, ya yaɗa, abin nufi shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ka iya haɗawa wanda zai sa mai saye na gaskiya ya nuna maka, da kuɗinsa ko da aikinsa, ko zatonka daidai ne. A nan zan kira shi samfurin gwaji. Abin da ka gano ta wannan hanya kuwa, shi ake kira sanin da gwaji ya tabbatar, don a bambanta shi da abin da kake jin daɗin gaskatawa.

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Mu ɗauka wata ɗaliba ce take son kafa kasuwancin yi wa mata ma'aikata cefane tana kai musu har gida, kuma a ranta manhajar waya za ta sa a gina mata. Duk alƙaluman da ke cikin labarinta na misali ne, kai sai ka sa farashin garinku.

Kayan aikin ba su da yawa: waya mai WhatsApp, littafin rubutu da biro, asusun banki da za a turo kuɗi, da mako huɗu zuwa shida.

1. Rubuta zatukanka ɗaya bayan ɗaya

Kowace dabarar kasuwanci tana zaune ne a kan wasu abubuwa da mai ita ya ɗauka gaskiya ne alhali bai bincika ba. Ɗauki takarda ka fito da su, kowanne a jimla guda da za a iya cewa e ko a'a a kanta. Ɗalibarmu idan ta yi wa kanta adalci za ta rubuta biyar. Zuwa kasuwa yana damun waɗannan matan. Za su yarda wani ya zaɓar musu tumatur da nama ba su gani ba. Za su biya ladan aike na naira 1,000. Za su sake saye mako mai zuwa. Kuɗin kai kayan bai kai ladan da za ta karɓa ba.

Sai ta yi wa kowanne tambaya biyu: idan wannan ya zama ƙarya, kasuwancin zai mutu? Kuma wace shaida nake da ita a kansa yanzu? Wanda zai kashe kasuwancin kuma ba ta da shaida a kansa, shi za a fara gwadawa. A nan na huɗu ne, wato dawowa. Mutum yana iya saye sau ɗaya don sha'awa ko don kunya, amma kasuwancin cefane ba ya rayuwa sai da wanda ke dawowa kowane mako.

Hattara: jimla irin "mutane suna son sauƙi" ba zato ba ne da za a iya gwadawa, domin babu sakamakon da zai ƙaryata ta. Sai ka faɗi su wane ne, me za su yi, a kan nawa.

2. Fita ka yi hira, amma kada ka yi talla

Kafin ka haɗa komai, nemi mutum goma sha biyar zuwa ashirin daga ainihin waɗanda kake nufi, ka zauna da kowanne minti goma sha biyar. Steve Blank, malamin kasuwanci a Amurka wanda Ries ya yi karatu a wurinsa, ya sha nanata wa ɗalibansa cewa gaskiyar kasuwa ba ta cikin ofis, sai an fita waje. Nan ne matakin da mutanenmu suka fi yin ɓarna, kuma dalilin ba jahilci ba ne, kara ce.

Ka je wa ƙanwar mahaifiyarka da dabara, ba za ta ce maka ba ta da kyau ba. Za ta ce "kai, Allah ya sa albarka, ai kuwa za a saya." Abokinka zai ce "in ka fara ka sa ni a farko." Maƙwabciya za ta ce "zan neme ki." Duk waɗannan addu'a ce da girmamawa, ka amsa da amin, amma kada ka rubuta su a littafi a matsayin shaida. Wanda ya ce zai neme ka sau da yawa sallamarka ya yi cikin mutunci.

Maganin wannan shi ne ka daina tambayar abin da zai faru, ka tambayi abin da ya riga ya faru. Maimakon "za ki saya idan na kawo?", ɗalibarmu za ta ce: "Hajiya, cefanen makon jiya wa ya yi? Wace rana? Nawa aka kashe a mota? Me ya fi ɓata miki rai a ciki? Kin taɓa biyan wani ya yi miki?" Tambaya ta ƙarshe ta fi duka nauyi. Wadda matsalar ta dame ta da gaske za ka tarar ta riga ta yi wani yunƙuri: tana aiken yaro, ko tana da mai kayan miya da take kira a waya, ko suna haɗa kuɗi da abokan aiki a sayo kwando a raba. Wadda ba ta taɓa motsawa ba, matsalar ba ta kai ta ciro kuɗi ba.

Ka kuma bincika wa ke riƙe da kuɗin. A gidaje da yawa uwargida ce ke girki, amma maigida ne ke cefane ko ke bayar da kuɗinsa. Idan ka shawo kan mai amfani ka manta da mai biya, ka yi cinikin biri a sama.

Rubuta kalmominsu yadda suka faɗa, da zarar kun rabu. Bayan kwana biyu ƙwaƙwalwa za ta gyara maka maganar ta koma abin da kake so ka ji.

Hattara: 'yan uwa da abokai kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ka tambaya. Kuma takardar tambayoyi da ake rarrabawa a zauren WhatsApp na aji ba ta maye gurbin wannan hira, don 'yan ajinku ba su ne masu sayenka ba.

3. Yanke makin cin jarrabawa tun kafin a shiga

Wannan matakin gajere ne, kuma shi aka fi tsallakewa. Kafin ka sayar da ko ƙwaya ɗaya, rubuta adadin da za ka kira nasara, ka sa kwanan wata, ka nuna wa wani. Ɗalibarmu ta rubuta: "Zan tallata wa mata 40. Idan aƙalla 10 suka biya kafin a kai musu kaya, kuma rabinsu suna nan suna saye a mako na huɗu, zan ci gaba. In ba haka ba, akwai abin da zan sauya."

Adadin ba daga sama ake ɗauko shi ba. Ka lissafa masu saye nawa kake buƙata a mako kafin aikin ya biya kansa, daga nan ka dawo baya. Amfanin rubutawa tun farko shi ne ɗan Adam gwanin neman uzuri ne. Idan ba ka yanke ba, mutum uku suka saya za ka ce ai farko ne, talatin suka saya za ka ce ka ci kasuwa, ko ta yaya dai kai ne da nasara, kuma ba ka koyi komai ba.

4. Zaɓi samfurin da ya fi araha wanda zai amsa tambayar

Hanyoyi uku ne suka fi dacewa da ɗalibi mai ƙaramin aljihu.

Ta farko, ka yi aikin da hannunka, mai saye yana ganin kai ne ke yi. Ita ce ta dace da ɗalibarmu: ta karɓi jerin kaya ta WhatsApp ranar Alhamis, a turo kuɗi ranar Juma'a, ta shiga kasuwa da sassafe ranar Asabar ita da ƙanenta, su ɗauki shatar adaidaita sahu su rarraba. Babu manhaja, babu shago, babu tambari.

Ta biyu, gaban shago ya yi kama da cikakken kasuwanci, a bayan labule kuwa hannu ne ke aiki. Haka Nick Swinmurn ya fara abin da ya zama Zappos, kamfanin sayar da takalma ta intanet, a Amurka a 1999. Yana son ya san ko mutane za su sayi takalmi ta intanet ba tare da sun gwada a ƙafa ba. Bai cika rumbu da kaya ba. Ya riƙa zuwa shagunan takalma yana ɗaukar hoto yana sawa a shafinsa, idan wani ya saya sai ya koma shagon ya biya cikakken farashi ya aika masa. Riba ba ta cikin lissafin a lokacin, amsar tambayarsa yake saye.

Ta uku, ka nuna abin kafin ya kammalu ka ga su wa za su sa hannu. Drew Houston na Dropbox, manhajar ajiye fayiloli a intanet, ya yi ɗan gajeren bidiyo yana nuna yadda abin zai yi aiki, jerin masu jira ya tashi daga 5,000 zuwa 75,000 cikin dare ɗaya. Ana yawan ba da wannan labari a aji, amma a ganina shi ne mafi haɗari ga mai koyo. Sa suna a jeri kyauta ne. A wurinmu, inda mutum zai danna maka komai don kada ka ji ba daɗi, wannan hanya ba ta da nauyi sai an haɗa ta da kafin alƙalami, ko da naira 500 ce.

Yadda za ka zaɓa: duk abin da ka yi niyyar ƙarawa, tambayi kanka ko rashinsa zai hana ka samun amsa. Tambari ba zai hana ba. Leda mai suna ba za ta hana ba. Tumatur mai kyau da zuwa a kan lokaci kuwa dole ne.

Hattara: ƙanƙanta ba ta nufin ha'inci ko ƙazanta. Idan kayan da ka kai ruɓaɓɓu ne, mutane za su gudu saboda ruɓa, kai kuma ka ɗauka dabarar ce ba sa so. Ka rage yawan abin da kake yi, kada ka rage kyawun ɗan abin da ya rage. Kuma idan ka karɓi kuɗi a kan abin da ba ka iya kaiwa ba, ka mayar a ranar, ka ba da haƙuri.

5. Ware kuɗin gwaji, ka ɗauka sun tafi

Lissafin ɗalibarmu na mako huɗu: shatar adaidaita sau huɗu a kan naira 5,000, wato 20,000, data da katin waya 3,000, leda da takardar liƙa suna 4,000, littafi da biro 1,000, sai 8,000 da ta ajiye don asara, kamar kayan da suka fashe ko wadda ta ƙi karɓa. Jimla naira 36,000. Kuɗin kayan miyan kansu ba ya ciki, tunda masu saye ne ke turowa kafin ta shiga kasuwa. Ka kwatanta wannan da abin da mai gina manhaja zai caje ta, da watannin da za ta yi tana jira, kafin ta san ko mutum ɗaya zai dawo.

Ƙa'idar ita ce kada kuɗin gwaji ya wuce abin da za ka iya rasawa ka yi barci. Kada ka ci bashi dominsa, kada ka taɓa kuɗin makaranta.

6. Sayar, a karɓi kuɗi hannu, a rubuta komai

Ja layi a littafinka: suna, ranar da ta fara saye, ta ina ta ji labari, nawa ta biya, sai gurbi ɗaya ga kowane mako, da wurin ƙorafi. Kowane ciniki ya shiga a ranar.

Abubuwa uku ne ke gurɓata sakamako a nan. Na farko bashi. Wadda ta ce "kawo, ƙarshen wata zan ba ki" ba ta tabbatar da komai ba tukuna, sai ranar da kuɗin ya shigo. Na biyu kyauta da ragi. Idan ka ce makon farko kyauta ne, abin da ka gano shi ne mutane suna son kyauta, wannan kuwa an daɗe da saninsa. Sa farashin da kake nufin sayarwa tun ranar farko. Na uku sauye-sauye barkatai. Idan a mako na biyu ka rage farashi, ka sauya rana, ka ƙara nama a jerin, sai ciniki ya ƙaru, ba za ka san wanne ya jawo ba. Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda.

Hattara da lokaci: cefanen watan azumi da na makon Sallah ba irin na sauran watanni ba ne. Makon da albashi ya shigo ma daban yake da tsakiyar wata, shi ya sa gwajin ya kamata ya ratsa wata guda cur. Tumatur kuma yana araha lokacin kayan lambu na rani, ya yi tsada idan damina ta kankama. Rubuta a littafi a wane yanayi ka yi gwajin.

7. Karanta sakamakon rukuni-rukuni

Ga abin da ya fito a littafin ɗalibarmu. Cikin mata 40, 26 sun yaba, 12 suka biya. Sharaɗin farko ya cika. Yawan aike kuma ya riƙa hawa: 12 a makon farko, sannan 17, sannan 20, sannan 22. Ladan da ta tara naira 71,000. Idan ta tsaya a nan, za ta zana layi mai hawa sama ta kai wa malam, kowa ya tafa.

Amma wannan lissafin dokin Rano ne. Jimlar tana hawa ne saboda kowane mako tana yawo tana nemo sababbi. Hanyar ganin gaskiya ita ce a ware waɗanda suka fara a mako ɗaya a matsayin rukuni, a bi su su kaɗai. Rukunin farko 12 ne. A mako na biyu saura 9, na uku saura 5, na huɗu saura 4. Rukuni na biyu sun fara su 8, suka koma 5, suka koma 3. Wato tana ɗiban ruwa ne a kwando. Ta ce rabi za su tsaya, kashi ɗaya cikin uku ne suka tsaya. Zato na huɗu ya faɗi.

Kuɗin ma ba yadda ya bayyana yake ba. Da gidaje suka ƙaru suka warwatsu, mai adaidaita ya ƙara kuɗi, shata ta cinye 27,000 maimakon 20,000, duka kashewa ya zama 43,000. Ragowar 28,000 idan aka raba wa mutum biyu a Asabar huɗu, kowa ya tashi da 3,500 a wunin da ya fara daga asuba. Mutane da yawa ba sa sa ladan kansu a lissafi, sai ranar da suka ɗauki yaro aiki su ga ribar ta ɓace.

Duk adadin da ba ya iya sauka, kamar jimlar waɗanda suka taɓa saye, na burga ne, ba ya gaya maka abin da za ka yi gobe. Wanda ke da amfani shi ne mai cewa mutum nawa cikin nawa.

Hattara: mutum 12 ba su isa a yanke hukunci a kan bambancin mutum ɗaya ko biyu ba. Idan ka sa rabi ka sami 5 ko 7 cikin 12, ƙara mako biyu da sabon rukuni. Abin da ya sa sakamakon ɗalibarmu ya yi nauyi shi ne rukuni biyu sun zube iri ɗaya.

8. Koma wurin waɗanda suka daina

Alƙaluma suna faɗin abin da ya faru, ba sa faɗin dalili. Dalilin yana bakin mata takwas ɗin da suka janye, kuma su ne aka fi jin nauyin kira. Kada ka ce "me ya sa kika daina?", don za a ce maka "ba komai wallahi, hidima ce ta yi yawa." Ka ce: "Anti, makon nan yaya aka yi da cefanen?" Amsar za ta nuna maka abin da ya maye gurbinka.

A misalinmu, biyar sun ce maigida ko yaron gida ne ya sayo a hanya, kamar yadda aka saba, kuma ba a biyansu lada. Biyu ba su ji daɗin naman da aka zaɓo musu ba. Ɗaya ta yi tafiya. Da ta waiwayi huɗun da suka tsaya, sai ta lura uku daga ciki sun taɓa roƙonta ta biya wurin mai inji a markaɗa musu kayan kafin a kawo. Ashe sayowa ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce a dawo aiki da yamma a zauna gyaran tattasai da attaruhu, a wanke, a kai markaɗe. Wannan shi ne sanin da gwaji ya tabbatar, kuma naira 43,000 da Asabar huɗu ya ci mata. Da manhajar ta fara ginawa, wannan amsar dai za ta samu, sai dai bayan jari ya tafi.

9. Yanke shawara: ci gaba, sauya akala, ko ajiyewa

Sa ranar zaman tun farko, ka zauna da wanda ka nuna wa makin a mataki na uku. Idan ka cika sharaɗi, ci gaba, ka ɗauki zato na gaba mafi haɗari. Idan ba ka cika ba amma ka gano wata buƙata mai shaida, sai a sauya akala: a riƙe abin da ya tabbata, a canza abu ɗaya babba. Idan babu ko ɗaya, ajiye dabarar, ragowar jarinka yana aljihunka.

Ɗalibarmu za ta riƙe masu sayenta, wato mata ma'aikata, ta canza abin da take sayarwa zuwa gyararren kayan miya markaɗaɗɗe. Sai ta koma mataki na ɗaya da sababbin zatuka, kuma mafi haɗari yanzu shi ne lalacewa: markaɗen tumatur ba ya jure zafi, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Ko dai ta kai a ranar da aka markaɗa, ko ta dafa shi ya tsane, kowanne da kuɗinsa. Idan kuma abin ya kai ga zubawa a roba da suna ana sayarwa a shaguna a Najeriya, sai da rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, don haka wannan ma ya shiga lissafi tun yanzu.

Hattara: sauya akala kowane mako ba koyo ba ne, rashin haƙuri ne. Kada a sauya sai gwajin ya cika wa'adinsa kuma littafi ya nuna dalili.

10. Abin da za ka miƙa wa malam

Shafi ɗaya ko biyu sun isa: zaton da ka gwada, makin da ka sa da ranar da ka sa shi, abin da ka haɗa da kuɗin da ya ci, jadawalin rukuni, maganganu uku ko huɗu daga bakin masu saye ba tare da sunayensu ba, sai shawarar da ka yanke da gwaji na gaba. Haɗa hoton shafukan littafinka da shaidar kuɗin da aka turo, ka rufe lambobin asusu da na waya. Idan zatonka ya faɗi, rubuta shi a layin farko yadda yake: na ce 6 cikin 12 za su tsaya, 4 suka tsaya, ga abin da takwas ɗin suka gaya mini, ga abin da zan gwada daga Asabar mai zuwa.